Taɓaryar 'Yar Fari

Kowa a unguwarmu ta Tambuwal ya san ni da magana. Idan mai tallan nono ta shigo gidanmu da hantsi, sai ta ji kiran azahar take tuna akwai sauran gidaje. Maigidana yakan ce ko rediyonsa ya lalace ba zai kai gyara ba, ni na ishe shi. Boko aji uku na tsaya, fita kuwa ba ta dame ni ba, tsakar gidana ta ishe ni duniya. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina cikin ɗaki nakan san wace maƙwabciya ke daka, in san ko da fushi take yi. Abin da aka faɗa a gabana kuma yana nan a kaina kamar yadda aka faɗe shi, ko da ya shekara goma.

Mutum ɗaya ce duk duniya ban taɓa zama na yi hira da ita ba, ita ce ɗiyata ta fari. A wurinmu haka ake. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Tun da aka yaye ta kakarta, uwar maigidana, ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, katanga ɗaya tsakaninmu. In ina son ta miƙo mini ludayi sai in ce wa iska, "Wani ya ba ni ludayin can." Ita ma sai ta ajiye shi kusa da ni kamar ba ita ta kawo ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma mu duka biyu mun iya ta. Da ta isa aure aka kai ta wani ƙauye gaba da Kebbe, ta haifi 'ya'ya biyu, muna jin labarinta a bakin masu zuwa kasuwa.

Shekarar da za a aurar da autata, aka sa biki bayan an gama kai amfanin gona gida. 'Yan mata suka zaɓi anko, atamfa mai farin ƙasa da 'yan furanni ruwan ƙwai. Aka aika wa babbar da nata. Ba a yi mako ba sai ga atamfar ta dawo a leda, da saƙo wai a canza mata da mai duhu, kuma wai a yi mata uzuri, ba lalle ta samu zuwa ba.

Autar ta fashe da kuka. Ni kuwa abin ya tsaya mini. Wannan yarinya da ko sunan 'yar akuya aka yi a gidanmu sai ta zo?

Ran Juma'a babbar ta kira mahaifinta a waya ta gaishe shi. Ya buɗe muryar don kowa ya ji, ni kuma ina gefe ina tsince shinkafa kamar ba ruwana. Gaisuwa ce kawai, amma na ji abin da su ba su ji ba. Tsakanin "ina wuni" da "ina gajiya" sai da ta tsaya ta ja numfashi, kamar wadda ta sauke tulu. Kuma can ƙasa-ƙasa ina jin ƙurus, ƙurus, tana tauna wani abu. Na san wannan ƙarar. Ba gyaɗa ba ce, ba aya ba ce. Farar ƙasa ce.

Na san ta ne don ni ma na ci. Da na haura arba'in, al'adata da ta saba zuwa ta wuce ba hayaniya ta rikice mini. Na yi ta fama har wata rana jiri ya kayar da ni a bakin murhu, aka kai ni asibiti. Wata malamar asibiti, gajera mai ƙaton tabarau, ta zaunar da ni ta ce, "Hajiya, ba ni son 'da yawa', ba ni son 'kaɗan'. Kowace mace nata take gani, ba ta taɓa ganin na wata ba, to da me za ta gwada? Tambaya fuɗu zan yi miki." Tambayoyin nan na riƙe su, har da yadda take ɗaga yatsa tana gyara tabarau.

Sai na tashi na shiga gidan ƙanwata. Ita ce ke bi na, kuma bakinta ya fi nawa kaifi, sai dai nawa ya fi tsawo. Na ce ta shirya, za ta raka ni Kebbe mu mai da anko.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Yaya, ke? Gidan 'yar fari? Ke da ko kasuwar Dogon Daji sai an yi miki wa'azi? Mi ag gudana?"

Na ce, "Ankon ɗiyarki nika mai da mata. Ke za ki yi magana, ni rakiya na zo."

"To, yau rediyo zai yi rakiya," in ji ta.

Mota ta kai mu Kebbe, daga nan muka hau kabu-kabu. Damina ta gama cinye hanyar, ramuka kamar an yi haƙar rijiya an fasa. Ƙanwata tana gaba tana salati da ƙarfi, ni ina baya na riƙe ledar anko da hannu ɗaya, na riƙe rigar ɗan kabu-kabu da ɗayan, har ya ce, "Inna, ki bar mini wuyan in numfasa." Ina cikin wannan girgiza na ce a raina, macen da jini ke zubo mata ba za ta hau wannan hanya da farar atamfa ba.

Tun kafin mu shiga zaure na jiyo daka. Na san taɓaryarta tun tana yarinya, mai nauyi ce, tana sauka daidai, ba ta gaggawa. Ran nan kuwa sai ta sauka kaɗan ta tsaya. Shiru. Ta sake sauka, ta sake tsayawa. Na kama hannun ƙanwata na ce, "Kin ji?" Ta ce, "Na ji daka." Na ce, "Ba dakan ba, tsayawar."

Uwar mijinta ta tarbe mu da murna, mace mai kirki, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura da nono mai kauri irin na masu shanu. Ita da kanta ta fara zancen. Ta ce yarinyar nan ta fi shekara ba ta da kuzari, sun yi maganin shawara, sun yi na zazzaɓi, an jiƙa saiwa, mijinta ya sayo lemon malti da madara ta sha har ta gaji. Ta ce, "Ni ban ce raguwa ce ba, don na san ta da aiki. Amma mutane sun fara faɗi."

Ɗiyar tawa ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaida ƙanwata da "Inna, sannunku da hanya," ni kuma ta gaida tabarmar da nake kai. Na amsa wa tabarmar. Amma na saci kallo. Zanenta baƙi, wanda ke kan igiya shuɗi mai duhu, na kusa da shi ma haka. Da ta zo zama sai ta jawo wani tsohon buhu ta zauna a kai, ga tabarma shimfiɗe.

Bayan la'asar, uwar mijin ta fita barka, maza suna gona. Muka koma bayan rumbu mu uku da kwaryar gyaɗa sabuwar cira muna ɓara. Na juya musu gefe, na fuskanci rumbu, na ce wa ƙanwata, "Tambayi ɗiyar nan taki, in tana fashin salla, sau nawa take canza ƙunzugu."

Ƙanwata ta ce, "Kin ji, wai rumbu na tambaya."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana dariyar kunya. "Inna, kamar kowa dai."

Na ce wa ƙanwata, "Ce mata ba a san na kowa ba. Ke fara faɗin naki ta ji."

"Ni?" in ji ƙanwata. "Ashe da ni aka zo asibitin. To, ni dai audugar mata nika sawa. Ranar da ya fi ƙarfi in canza da safe, da azahar, da magariba, sai in zan kwanta. Wani lokaci ma ba ta cika ba, don tsabta nika cirewa."

Na ce wa rumbu, "Wannan shi ne daidai. Ba yawan canjin kaɗai ba, a ce mata, in ta cire, ya jiƙe sharkaf ko da saura?"

Ɗiyata ta ce, a hankali, ita auduga ɗaya ba ta riƙe ta. Takan haɗa auduga da tsumma, duk da haka daga ta ɗora tukunya zuwa ruwa ya tafasa ta tuƙa, sai ta koma ta canza, kuma a jiƙe take cire su. Ta ce kwana biyu ko uku na farko haka take yini, barci ma sai ta tashi ta canza.

Ƙanwata ta bar ɓarar gyaɗa. "Awa guda ke nan fa, ko biyu. Ke ɗiyar nan, kuma kike daka?"

Na ce, "Tambaye ta guda-guda. Yana fita da gudaji?"

"Wanga kam kowa na gani," in ji ƙanwata. Ta ɗaga ƙwayar gyaɗa ɗaya. "Ni ma nikan ga kamar wagga, har na taɓa tsorata."

Na ce, "Kamar gyaɗa ko wake ba komai ba ne, in ji malamar asibiti. A tambaye ta nata."

Ɗiyata ta dubi ƙwayar gyaɗar, ta girgiza kai. Ƙanwata ta kwance bakin zanenta ta fito da goron da take ci, ta ɓare shi biyu, ta ajiye ɓari ɗaya a tafin hannu. Yarinyar ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya ɓarin ta haɗa su, goro ya koma guda. Ta ce, "Wani lokaci ya fi haka."

"La'ilaha illallahu," in ji ƙanwata. "Goron nawa ma ya fita raina."

Muka yi dariya mu uku, har da ni da ke kallon rumbu.

Tambaya ta uku ita ce ta ɓallewa, wato jini ya zubo gaba ɗaya ya wuce ƙunzugu ya ɓata zane ko shimfiɗa. Da ƙanwata ta faɗa, yarinyar ta ƙi ɗago kai. Aka yi, aka yi, ta ƙi. Sai na ga in ban ba da nawa ba, ba za a samu nata ba. Na ce wa kwaryar gyaɗa, "Akwai wata mata a Tambuwal, mai shegen surutu. Ta je walima gidan maƙwabta, aka ba ta kujerar roba fara. Tana miƙewa ta ji abu ya zubo mata kamar an tuntsurar da buta. Ta koma ta zauna. Aka ci, aka sha, aka watse, tana zaune tana ba masu gida labari, sun rasa yadda za su yi da ita. Har aka yi magariba sannan ta aika a kawo mata hijabi mai tsawo, ta tafi gida da kujerar mutane a hannu, wai ta ara."

Ƙanwata ta faɗi gefe tana dariya. "Ashe abin da ya sa ke nan! Shekara nawa muna cewa Yaya ta saci kujera!"

Ɗiyata ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Da dariyar ta lafa sai ga hawaye. Ta ce ita ma haka ne. Ta ce ya taɓa yi mata a kan babur, a hanyar Fakku, za su gaisuwa, ta sa mijinta ya juya da ita gida ba ta faɗa masa dalili ba. Tun ran nan ta daina sa zane mai haske, ta sa leda ƙarƙashin zanen gado. Ta lissafa ta ga bikin autarmu zai faɗo cikin kwanakinta, shi ya sa ta mai da anko.

"To don mi ba ki faɗa ba?" in ji ƙanwata.

Ta ce ai ba ciwo ba ne. Tun tana budurwa nata mai yawa ne, sai da ta yaye na biyun ya ƙaru. Kakarta, Allah ya jiƙanta, ta ce mata dattin ciki ne ke fita, macen da nata ke zuba sosai ita ce mai lafiya. Kuma nata kwana tara yake yi, wani lokaci goma, a Islamiyya kuwa malama ta ce haila tana iya kaiwa kwana goma sha biyar. Tunda bai kai nan ba, ta ɗauka lafiya lau take.

Nan fa na manta da rumbu. Na ce, "Malama gaskiya ta faɗa, amma hukuncin salla ta ba ki, yaushe za ki bari, yaushe za ki yi wanka. Ba ta ce jikinki zai iya ɗauka ba. A asibiti, in ya wuce mako suna son su gani."

Sai da na rufe baki na lura da ita nake magana, ba da ƙanwata ba. Ƙanwata ta buɗe ido ta ce, "Yaya, an sallame ni daga aiki ke nan?"

Na ce, "Yi mini shiru." Tunda an riga an ɓata, na ƙarasa. Tambaya ta fuɗu ban ma yi ta ba, na faɗa mata amsar. Na ce kina gajiya tun da safe, in kin ɗebo ruwa zuciyarki na bugawa har kunne, in kin miƙe da sauri duhu ya rufe miki ido, kuma kina cin farar ƙasa a ɓoye. Ta zaro ido. Na matsa, na sa yatsa na ja fatar idonta ta ƙasa. Rabon da in taɓa fuskar nan tun tana goye. Cikin idon da ya kamata ya yi ja, fari ne fat kamar an wanke. Na buɗe tafin hannunta na haɗa da na ƙanwata, nata kamar ba jini.

Na ce, "Ba shawara ba ce, ba ragwanci ba ne. Abin da ke fita duk wata ya fi abin da jiki ke mayarwa. Ko randa ce ake ɗiba haka, sai an ga ƙasanta."

Maganar mijin, ƙanwata ta ɗauka, don ni suruki ma kunyarsa nake ji. Da ya dawo gona ta tare shi a zaure, ina jiyo ta tana cewa, "Ɗana, malti ya isa haka, ka bar wa masu shago abinsu. Gobe asibiti." Bawan Allah bai yi musu ba, cewa ya yi shi da ya san abin da ke nan da tuni an je.

Washegari muka tafi da ita Tambuwal. A asibiti suka fara tabbatar ba ciki ne ke zubewa ba, sannan suka auna jini, suka ce ya yi ƙasa ƙwarai, saura kaɗan a ce sai an ƙara mata. Malamar da ta duba ta, wata ce daban, yarinya, amma tambayoyin nan fuɗu ta yi, har na riƙa amsawa kafin ta gama, ta ce, "Mama, ke ce marar lafiyar?" Aka yi hoton ciki aka ga ɗan ƙari a mahaifa, suka ce irin wanda mata da yawa ke da shi ne, ba mugu ba, ba sai an yi aiki yanzu ba, amma a riƙa dawowa ana dubawa. Aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini na watanni, aka ce kada ta sha su da shayi, kuma kada ta tsorata in bayan gida ya yi baƙi. Aka ba ta wasu da za ta sha a kwanakin al'ada kaɗai don su rage zuba. Aka ce in ta ga tana jiƙa auduga duk awa ba tsayawa, ko jiri ya kayar da ita, kada a jira gari ya waye.

Ta yi mako biyu a gidanmu kafin ta koma gidanta. Na dafa zogale, na dafa wake, na aika a sayo hanta. Ba na ce mata "ci". Sai in ajiye kwano in ce wa ƙofa, "Wanda bai cinye wannan ba, shi da Allah." In dawo in tarar da kwano a wanke. Wata rana na ga ledar farar ƙasarta a kan shara, sai na yini ina waƙa har maigida ya tambaya ko an yi mini albishir da Makka.

Ranar kamu gidanmu ya cika tun da safe. Ina cikin ɗaki ana ɗaura mini ɗankwali, mata sun jeru a turmi uku suna dakan gero na fura, har da lugude da tafi. Cikin wannan hayaniya na ji wata taɓarya ta shigo. Mai nauyi, tana sauka daidai, ba ta gaggawa. Na ɗaga hannu na ce wa mai ɗaurin ta dakata. Na saurara ina jiran tsayawar. Ba ta tsaya ba.

Ƙanwata ta leƙo tana haki, ta raɗa mini, "Ta iso tun ɗazu, kan babur, cikin farin anko. Kuma kwanakin nata ne fa, yau na biyu. Ta ce tun asuba sau ɗaya ta canza." Sannan ta ɗaga murya don kowa ya ji, "Yaya, ba ki fitowa ki ga wadda ta zo?"

Na ce, "Wa ya zo? Ni ban ga kowa ba."

Na fita da ɗankwali rabi a ɗaure, na wuce ta gaban turmin kamar mai neman wani abu, na ce wa iska, "Mai dakan can ta sassauta, kada ta fasa mana turmi, na aro ne." Ba ta dube ni ba. Ta cilla taɓaryar sama, ta tafa, ta cafe, ta ci gaba.